AirPods na dubu 18: ya haɗu da waya lafiya lau, amma sauti siriri, na hagu kuma minti 20 ya mutu

Abin da ke rufe ma mutane ido a wajen iyafis ɗin jabu shi ne yadda yake saurin haɗuwa da waya. Ka buɗe murfi, hoto ya faso a fuskar iPhone har da cajin dama da na hagu da na gidan, mai saidawa ya ce to ka gani ai, jabu ba ya yin haka. Yana yi mana, ya daɗe ma da fara yi. A duk jikin abin babu wanda ya fi wannan arahar kwaikwayo, don ɗan saƙo ne kawai aisin ciki, wato ɗan abin lantarkin da ke sarrafa iyafis ɗin, ke turawa ta bulutut yana cewa ni AirPods ne, waya kuma ta yarda. Sifika da batir da makirfo su ne ke cin kuɗi, su ne kuma ba za ka iya gwadawa cikin minti biyu a tsaye bakin shago ba, sai aka rage kuɗin a nan.

Wanda zan yi bayani a kai na wani ƙanen abokina ne, yana sana'ar POS a wajajen Ƙofar Ƙaura, ni kuma gyaran waya nake yi nan cikin Katsina. Ya saye shi naira dubu 18 a hannun wani da ya ce mashi kayan kwastan ne aka yi gwanjo, AirPods Pro na biyu mai USB-C, cikin kwali da leda da komai. Ka san dai wanga samfurin Apple dala 249 ya sa mashi, na farkon ya fito a Satumba 2022, mai USB-C ɗin kuma a Satumba 2023. Lissafa dala 249 da canjin duk ranar da ka ga dama, ba ta zama dubu 18, ko landan yus ne ma. Amma shi ya ce ya duba lamba a shafin Apple ta fito, shi ya sa hankalinshi ya kwanta.

Bayan kamar wata uku ya zo mani da ƙorafi guda uku a haɗe. Ya ce Yaya tun ranar farko sautin bai da nauyi, kiɗa kamar daga cikin gwangwanin madara yake fitowa, sannan yanzu na hagu bai wuce minti 20 ya ɗauke, kuma abin da ya fi bashi haushi wani lokaci za a kira shi ya ɗaga bai jin komi, ashe maganar ta tafi cikin iyafis ɗin da ke rufe cikin gidanshi a aljihu. Shi a tunaninshi cuta ɗaya ce. Uku ce, kowace da sanadinta daban, kuma ba duka ke jin magani ba.

Na fara da tabbatar da mi ke gabana, don in na asali ne maganar gyara ta sha bamban. Lambar da ya ce ta fito a checkcoverage.apple.com gaskiya ta fito, sai dai wannan ba ya nufin komi, masu yin jabu suna ɗaukar lambar wani na gaske guda ɗaya su buga ta a jikin dubbai. In lamba ta ƙi fitowa to ka gama, jabu ne, in ta fito kuma ba ka san komi ba tukuna. Inda ake kama su shi ne cikin waya: Settings, Bluetooth, sai ka danna ɗan harafin i da ke gaban sunan. Na asali gidan yana da lambarshi, na dama da tashi, na hagu da tashi, duk daban daban, in ka taɓa wajen Serial Number za ka gansu. Nashi lamba ɗaya ce tak ake ta maimaitawa. Na tambaye shi ko ranar farko wayar ta taɓa nuna mashi Cannot Verify AirPods, wanda Apple ya sako tun iOS 16 a 2022, ya ce sam. Ban yi mamaki ba, masu kwafi da yawa sun iya zagaye wannan ma, rashin ganin gargaɗin ba shaida ba ce.

Gwajin da na fi yarda da shi kunne ne ke yin shi. Maƙwabcina mai aski janaretanshi na aiki, na sa iyafis ɗin ba tare da kunna komi ba na tsaya kusa, na danna Noise Cancellation, mai danne ƙarar waje. Ya yi ɗan ƙarar nan tin mai nuna an canza, amma rugugin janareta ko ɗis bai ragu ba. Na koma Transparency, mai shigo da sautin waje, nan ma duk ɗaya. A na asali irin wannan rugugin mai kauri shi ne ya fi saurin ɓacewa, za ka ji kamar an rufe ƙofa a bayanka. Sai dai a nan ma a yi hankali, jabun hawa hawa ne. Masu arahar suna amfani da aisin JieLi ko Bluetrum, akwai kuma masu ɗan tsada da ke zuwa da aisin Airoha waɗanda da gaske suna rage ƙara, ba kamar na Apple ba amma suna ragewa. Wanda ya faɗi gwajin janareta jabu ne babu tantama, wanda ya ci kuma sai an ƙara dubawa. Wannan dai ya faɗi warwas.

Da na sa gilashin ƙara girma na duba baƙaƙen ragar da ke jikin kowane ɗan iyafis, a na asali ramuka ne na gaske, akwai na makirfo akwai na shan iska. Nashi biyu daga ciki ado ne kawai, an manna raga a kan roba babu rami a ƙasa. Riƙe wannan, don da shi za mu gane maganar sautin.

Na ce mashi ƙanena jabu ne fa, kuma ba ma mai kyan ba. Ya yi shiru, can ya ce to ko zai gyaru? Abin dariyar shi ne jabun ya fi na asali gyaruwa. Na Apple a cike yake da gam, ba ka kai ga batir sai ka yanka jikin, iFixit masu buɗe kaya suna ba su makin sauƙin gyara, sifili suka ba AirPods cikin 10. Jabu kuwa ɗan gam ne a bakin haɗi, batir da wayoyi biyu an liƙa da dalma, in hannunka bai rawa za ka shiga ka fito.

Maganar kira da ke shigewa aljihu na fara bi, don na yi zargin ita ce uwar matsalar batir ɗin, kuma haka ta kasance. Irin waɗannan masu arahar ba su da wata dabara ta sanin cewa an maida su gida. Abin da suka sani kawai shi ne in sun ji bolt 5 a ƙarafunan gindinsu sai su ce to mun shiga gida, su kashe kansu su fara caji. In wutar ba ta iso ba, ko don batir ɗin gidan ya ƙare ko don fil bai taɓa ba, ɗan yana nan a kunne cikin gida, a haɗe da waya, yana shan batir har ya kai ƙasa. Na sa mita a filolin ramin dama na samu bolt 5 da ɗan kai. Ramin hagu ma akwai wuta, amma da na haska tocila sai ga fil ɗaya ya nutse bai dawowa, sifirin ɗin ya maƙale da ƙura da wani kore kore na zufa. Su kansu ƙarafunan gindin ɗan sun dushe, ruwan da aka shafa masu ya goge. Mutum yana wuni a rumfar POS bakin titi, ya cire daga kunne da gumi ya jefa cikin gida, ga ƙurar hunturu, ai dole.

Gyaran nan bai cin ko sisi in kana da haƙuri. Ɗan sifirit a kan auduga da aka naɗe a tsinken sakace, ka goge ramin, ka riƙa danna fil ɗin a hankali yana shiga yana fita har sifirin ya saki, ka bari ya bushe. Kar a sa ruwa, kar kuma a sa allura ko wani ƙarfe alhali akwai wuta a filolin, haɗa su biyun na iya ƙona aisin gidan. Gindin ɗan kuma ɗan gogewa da abin goge fensir ya isa. Da na maida na hagu na rufe murfi, nan take ya ɓace daga jerin bulutut na wayar. Ƙorafi ɗaya ya tafi ke nan.

Amma ɓarnar da ya yi ma batir ta riga ta zauna. Na bar shi ya cika, waya ta nuna 100, na kunna karatu da matsakaicin sauti, ya sauka 80, ya yi tsalle zuwa 40, sai ɗif. Wannan lambobin dama ba a yarda da su a jabu, daga ƙarfin wutar batir kawai yake kintatawa, shi ya sa yake tsalle goma goma ko ashirin ashirin. Na ɗumama bakin haɗin da bulowa a ƙaramin zafi, kaɗan dai yadda gam zai yi laushi don robar tana saurin lanƙwashewa, na sa siririyar roba na raba. A hankali ake ɗagawa saboda wayoyin sifika gajeru ne ƙwarai, ka fizga sun tsinke. A ciki ba irin batir mai siffar maɓallin riga na Apple ba ne, ɗan batir ne mai jikin leda, an rubuta 3.7V 30mAh, kuma ya ɗan kumbura, in ka taɓa ka ji laushi maimakon tauri.

Bari mu yi lissafin. Irin wannan ɗan iyafis yana jan abin da bai wuce 8mA ba ko kusa da haka yayin da yake kiɗa. In da gaske 30mAh ne a ciki, ka raba 30 da 8, ya kamata ya yi kusan awa 4. Minti 20 kuwa kashi ɗaya cikin uku na awa ne, ke nan abin da batir ɗin ke iya bayarwa bai kai 3mAh ba, kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta. Apple awa 6 ya ce na asalin na yi da Noise Cancellation a kunne. Yaron ya ce ko yana sabo nashi bai wuce awa biyu ba, wato tun farko ko 30 ɗin ma ba ta cika ba. Mita ta ƙara tabbatarwa: a zaune batir na nuna 4.1, da na kunna sauti sai ya zube zuwa wajen 3.4 cikin ɗan lokaci, in na kashe ya sake hawa. Batir mai lafiya bai yin irin wannan faɗuwar a kan ɗan wannan nauyin. Shi ya sa auna batir a zaune ke yaudarar masu koyo, sai su ce ai a cike yake.

Abubuwa uku ne suka taru a kanshi. Batir ɗin dama ƙarami ne maras inganci. Sannan kullum ana sauke shi har ƙasa saboda fil ɗin nan, shi kuwa batirin litiyom in yana yawan sauka ƙasa da bolt 3 lalacewa yake, mai kyau akwai ɗan fanel na kariya da ke yanke wuta kafin a kai nan, wannan babu, wayoyi biyu ne tsirara. Na uku zafi. Litiyom ba a son a yi mashi caji sama da digiri 45, mu kuma a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, shi kuma a kan teburin POS yake ajiye gidan, ƙarƙashin kwano, a jone da fawa bank tun safe har la'asar. In ka tambayi dalilin da ya sa ɗaya ke riga ɗaya mutuwa ko da babu matsalar fil, a yawancin masu arahar ɗa ɗaya ne ke riƙe haɗin da waya da makirfo, ya fi ɗan uwanshi aiki, sai ya riga shi tsufa.

Canza batir ɗin yana yiwuwa in an samu daidai girman. Lambar da ke jikinsu ita ce awon, misali 401012 na nufin kauri milimita 4, faɗi 10, tsawo 12. Ba ka cusa wanda ya fi ramin, don in ka matsa shi da ƙarfi ka rufe, abin da za a sa cikin kunne ne fa. Ina da tarin matattun iyafis da mutane ke bari, amma ban cika son ciro batir daga cikinsu ba don yawanci ciwon ɗaya ne, na sa sabo cikin waɗanda nake sarowa daga Kano. Ja a kan +, baƙi a kan -, waya ɗaya bayan ɗaya don kar su haɗu, a kan wayoyin ake sa dalma ba a jikin batir ba, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Kafin na sa gam na gwada caji da sauti, sannan na zagaye bakin da B-7000 siriri na ɗaure da roba ya kwana. Sufa gulu bai dace ba, tururinshi na yin fari a jiki kuma yana iya kama fatar sifika. Tsohon batir ɗin da ya kumbura ba a huda shi, ba a jefa shi cikin shara da za a ƙona. Bayan gyara na hagu ya yi awa 3 da ɗan wani abu.

Gidan cajin kuma da na buɗe, batir ɗinshi lafiya lau, ƙarami ne dai, sai ga wasu ƙarafa guda biyu an manna a gefe ba su haɗe da komi. Nauyi kawai aka ƙara don in ka auna a tafin hannu ka ji kamar na gaske. A nan kuma na gano dalilin wani ƙorafin da ya ambata a wucewa, wai cajar iPhone ɗin abokinshi mai USB-C kai da kai ba ta yi mashi caji. Ba lalacewa ba ce. Cajar USB-C ba ta sakin wuta sai ta ga wasu ƙananan rezisto biyu na 5.1k a bakin abin da aka jona, su kuma masu jabun sun tsallake su. Igiya mai babban kai na da a gefe ɗaya, USB-C a ɗaya gefen, tana yi mashi. Mutane da yawa sun yar da gida mai lafiya saboda wannan.

Saura sauti, wanda shi ne ya fi damunshi kuma shi ne na fi kasa taimaka mashi. Akwai bambanci tsakanin sauti ya dushe da sauti ya sirance, kuma in ka rabe su ka san inda za ka nufa. In ya dushe, ƙara ta ragu, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, kuma da ba haka yake ba, to dattin kunne ne ya toshe ragar gaba. Busasshen buroshi mai laushi, raga na kallon ƙasa don dattin ya zubo waje, shi ke nan. In kuwa siriri ne, murya na fita tsaf amma ganga babu nauyi, abu na farko iska ce ke zurarewa. Bes bai zama sai robar ta toshe kunne ruf. Gwajin mai sauƙi ne, kunna kiɗa ka danna duka biyun cikin kunne da yatsa, in nauyin ya dawo to roba ce. Da na yi haka ya dawo kaɗan. Robar da ta zo da shi tauri gare ta kuma sirara, ba ta bin siffar kunne, na canza mashi da mai laushi mai ɗan girma, ya ji bambanci har ya yi murmushi.

Daga nan kuma an zo iyaka. Sifikar da na gani ciki ƙarama ce, maganaɗisunta ɗan mitsitsi, an manna ta ba daidai ba har akwai ɗan gibi a gefe, bayanta kuma babu ramin shan iska tunda ragar ado ce. Fatar sifika sai ta samu wajen motsi gaba da baya sosai kafin ta ba da sauti mai kauri, iskar da aka kulle a bayanta tana riƙe ta. Na asali kuma ban da ramukan akwai makirfo a ciki da ke sauraren abin da ke shiga kunnenka, aisin H2 na gyara sautin daidai da yadda ya zauna maka. Wannan babu dalmar da za ta kawo shi. Na toshe gibin gefen da ɗan gam tunda dama a buɗe yake, ya ɗan taimaka. Wasu masu gyaran na cewa su huda rami ko su sa wata sifikar, ni ban yi, don sai ka yi ma duka biyun iri ɗaya sak in ba haka ba kunne ɗaya ya fi ɗaya, kuma kuɗin aikin ya kama hanyar kuɗin sabo. Ya tambaya ko ƙara bes a cikin waya zai yi, na ce gwada kaɗan, in ka matsa sai ta fara karkarwa. Ya gwada, ta yi.

Makirfo ma haka, masu kiranshi na cewa kamar yana nesa. Guda ɗaya ne ƙwal a kowane ɗa, babu mai tace ƙarar titi, kurkura na wucewa ta shanye maganar. Ba lalacewa ya yi ba balle a gyara, haka aka yi shi. In da aisin ne ya mutu, ko ruwa ya ci fanel, ko biyun sun daina ganin juna bayan an yi masu risit an sake, da sai in ce ya haƙura, don ko aisin ya samu babu manhajar da za a zuba mashi.

Duka duka na karɓi dubu 2 da ɗari 5, kuɗin batir da roba da ɗan na aiki, shi ma don ƙanen aboki ne. Da zan caje shi yadda nake cajin kowa, da na ba shi shawara ya ƙara kuɗi ya sayi na wani kamfanin da ke sa sunan kanshi a jikin kayanshi, mai garanti, ya gwada kira da kiɗa a shagon kafin ya biya. Na gaya mashi kuma na dama ma batir iri ɗaya ne da wanda na cire, zafi ɗaya suka sha, ya sa ido a bakin haɗin, ranar da ya ga ya fara buɗewa da kanshi to batir ne ke turo shi daga ciki, kar ya sake sa shi a kunne ko a caji.

Wanda ya saida mashi kam ya ce ai shi bai ce na Apple ba ne, ya ce AirPods ne kawai, kuma kayan gwanjo ba a maidowa. Kafin damina ta tsaya na dama ya buɗe baki kamar yadda na yi tsammani, ya kawo, na cire batir ɗin na ce in sa sabo? Ya ce a'a Yaya bar shi haka nan, dama a wajen aiki kunne ɗaya yake sawa don ya riƙa jin kwastoma. Na hagun yake amfani da shi yanzu, gidan kuma ya koma cikin durowa maimakon kan tebur.